Yadda matafiyi zai isa ga takardun da ya ajiye a gida ba tare da ya buɗe wa ɓarayi ƙofa ba

'Yan kasuwa da ma'aikata da dama sun gaji da adana takardunsu a waya ko a filashi, saboda waya kan ɓace, filashi kuma kan lalace ba zato ba tsammani. Wasu daga cikinsu sun koma ga sayen wata 'yar na'ura mai kama da ƙaramin akwati, wadda ake zura wa faifan ajiya ɗaya ko biyu, a jona ta da rautar gida, ta zama rumbun da kowace waya da kwamfuta ta cikin gidan ke zuba kaya a ciki. Masu sayar da ita suna kiran ta NAS, kuma kamfanonin da suka fi shahara wajen ƙera ta su ne Synology da QNAP. A cikinta ake tara rasidai, da takardun kwastan, da hotunan kaya, da bidiyon bikin iyali.

Muddin mai ita yana gida, babu wata damuwa. Matsala tana tasowa ranar da ya sami kansa a Dubai ko Istanbul ko Jidda, aka nemi wata takardar da ya san tana cikin akwatin da ya bari a Kano. Hanyoyi biyu ne aka fi bi domin isa gare ta daga nesa. Ta farko ita ce buɗe ƙofa a rautar gida, ta yadda duk mai zuwa daga intanet zai iya isa ga na'urar. Ta biyu ita ce kafa keɓaɓɓiyar hanya ta sirri tsakanin wayar matafiyin da gidansa, wato VPN. Ta farkon ta fi saurin kafawa, amma ita ce ta jawo wa dubban mutane asarar da ba su farfaɗo daga gare ta ba.

Abin da buɗe ƙofa yake nufi

Kowane gida mai intanet yana da adireshi na lambobi, kuma a ƙarƙashin adireshin akwai ƙofofi masu lamba daga 1 zuwa 65,535. Kowane aiki yana da ƙofar da aka saba ba shi. Shafin sarrafa na'urar Synology yana saurare a ƙofa ta 5000 da ta 5001, na QNAP a ta 8080 da ta 443, musayar fayil irin ta Windows kuwa tana bi ta ƙofa ta 445. A al'ada rauta tana rufe dukkan waɗannan ƙofofi ga baƙo. Na ciki yana iya fita ya dawo da amsa, na waje kuwa ba ya iya shigowa da kansa.

A cikin saitin rauta akwai wuri mai suna `Port Forwarding`. Idan mutum ya rubuta a can cewa duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa ta 5001 a wuce da shi zuwa rumbun ajiya, ya sami hanyar shiga daga ko'ina a duniya. Sai dai rautar ba ta tambayar wane ne mai ƙwanƙwasawa. Mai gida da ɓarawo duk shafin shiga ɗaya za su gani.

Da yawa sukan yi tunanin cewa babu wanda ya san adireshin gidansu, don haka babu mai zuwa. Wannan tunani bai dace da yadda ake farauta a intanet ba. Adireshin tsohon tsari, wanda har yanzu aka fi amfani da shi, bai wuce biliyan 4.3 ba gaba ɗaya. A 2013 masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka suka fitar da wata manhaja mai suna ZMap, wadda ke iya zagaya su duka, tana gwada ƙofa ɗaya a kowanne, cikin ƙasa da awa guda. Akwai kuma shafuka irin su Shodan da ke tattara jerin na'urorin da suka amsa. Ɓarawon ba wani mutum takamaimai yake nema ba. Gida-gida yake bi yana taɓa ƙofa, duk wadda ta motsa ya rubuta ta.

Kalmar sirri mai ƙarfi tana taimakawa, amma ba ta wadatar ba, domin sau da yawa ta wani kuskure a cikin manhajar na'urar ake shiga, ba ta hanyar cinkar kalmar sirri ba. A watan Yunin 2021 masu na'urar My Book Live ta kamfanin Western Digital suka wayi gari an share abin da ke cikin faifansu daga nesa. Tun 2015 na'urar ta daina samun sabuntawa, kuma shawarar da kamfanin ya bayar ita ce a cire ta daga intanet. A watan Janairun 2022 wata muguwar manhaja mai suna DeadBolt ta afka wa na'urorin QNAP da ke fuskantar intanet kai tsaye, ta kulle fayilolin da ke ciki, ta nemi kowane mai na'ura ya biya bitkoyin 0.03 kafin a ba shi mabuɗi. Kamfanin da kansa ya umarci masu amfani da na'urorinsa su kashe `Port Forwarding` da `UPnP`. Wannan na biyun wani tsari ne da ke bai wa na'ura damar buɗe wa kanta ƙofa a rauta ba tare da an tambayi mai gida ba, shi ya sa wasu suka sami kansu a fili alhali ba su taɓa buɗe komai da hannunsu ba.

Wace irin VPN ake magana a kai

Yawancin 'yan Najeriya sun san kalmar VPN ne a lokacin da gwamnati ta dakatar da Twitter, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Irin waccan manhaja tana ɗaukar zirga-zirgar wayar mutum ta kai ta wata sabar kamfani a Turai ko Amurka, daga nan ta fita duniya. Ba ta kai mutum gidansa, kuma biyan kuɗinta ba zai ƙara wa rumbun ajiya tsaro ko kaɗan ba.

Wadda ake bukata a nan ita ce wadda bakinta ɗaya yake a wayar matafiyi, ɗaya bakin kuma a cikin gidansa. Idan ya kunna ta, wayar takan zama tamkar tana cikin falonsa, ta ga rumbun ajiya da adireshinsa na cikin gida. Duk abin da ya bi ta hanyar a lulluɓe yake, ta yadda mai otal ko mai kula da intanet na filin jirgi ba ya iya karanta shi.

Tsarin da aka fi yarda da shi a wannan aiki a yau shi ne WireGuard, wanda Jason Donenfeld ya ƙirƙira, aka kuma shigar da shi cikin ginshiƙin Linux a 2020. Ba ya aiki da sunan shiga da kalmar sirri. Kowace na'ura tana da mabuɗai biyu, ɗaya na sirri da ba ya barin cikinta, ɗaya na fili da ake bai wa ɗaya ɓangaren. Babbar fa'idarsa ita ce shiru. Idan saƙo ya zo daga wanda ba a san mabuɗinsa ba, ba ya mayar da amsa ko ɗaya, ko da ta cewa an ƙi. Gaskiya ne cewa a tsarinsa na asali ana barin ƙofa guda, yawanci ta 51820, domin saƙon ya shigo. Bambancin shi ne ƙofar shafin shiga tana gaisawa da kowa tana nuna masa sunan na'urar, wannan kuwa ga mai zagayen farauta bango ce kawai.

Tambayar da ke gaba da komai

Kafin a sayi wani abu ko a saita wani abu, sai an san ko gidan yana da adireshin kansa a intanet. Saboda ƙarancin adireshi, kamfanonin sadarwa da yawa suna haɗa ɗaruruwan kwastomomi a bayan adireshi guda, tsarin da ake kira CGNAT. Haka abin yake ga mafi yawan masu rautar da ake saka wa layin waya, haka kuma ga masu Starlink a tsarinsa na gida. Wanda ke bayan irin wannan shinge ba ya iya karɓar baƙo daga waje, ko da ya buɗe ƙofa a rautarsa, domin akwai wata rautar kamfani a gabanta da ba shi da iko a kanta.

Gwajin ba shi da wuya. A shiga shafin saitin rauta a duba lambar da ke gaban `WAN IP`. Sannan, daga wayar da ke jone da rautar, a buɗe ɗaya daga cikin shafukan da ke nuna wa mutum adireshinsa na intanet. Idan lambobin biyu sun zo ɗaya, gidan yana da adireshin kansa. Idan sun bambanta, ko kuma lambar rautar ta faɗa tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255, ko ta fara da 10, to akwai shinge a gaba. Amsar wannan gwaji ce ke zaɓar hanyar da za a bi.

Misalin ɗan kasuwar Kantin Kwari

A ɗauki misalin wani mai shigo da atamfa da shadda a Kantin Kwari, wanda zai yi mako uku a Dubai. Yana da rumbun ajiya mai faifai biyu a gida, kuma yana son ya riƙa duba rasidai da hotunan samfurin kaya daga otal.

Idan intanet ɗinsa na waya ce mai shigowa gida kuma gwajin ya nuna yana da adireshin kansa, zai iya kafa WireGuard kai tsaye. Rautoci da dama na zamani suna zuwa da shi a ciki. Zai kunna shi, ya ƙirƙiri mabuɗi dabam ga wayarsa, wani dabam ga kwamfutarsa. Da yake adireshin gida yakan sauya lokaci zuwa lokaci, zai kuma kunna `DDNS`, wanda ke ba gidan suna tsayayye da ke bin adireshin duk inda ya koma. Saitin da zai shiga wayar bai wuce 'yan layuka ba:

```
[Interface]
PrivateKey = <mabuɗin sirri na waya>
Address = 10.8.0.2/32

[Peer]
PublicKey = <mabuɗin fili na gida>
Endpoint = gida.example.com:51820
AllowedIPs = 192.168.50.0/24
PersistentKeepalive = 25
```

Layin `Endpoint` shi ne sunan gidan da lambar ƙofa. Layin `AllowedIPs` yana gaya wa wayar cewa saƙon da aka nufi na'urorin gida da shi kaɗai ne zai bi ta wannan hanya, sauran harkokinta su ci gaba da bin intanet na otal. Layin ƙarshe yana sa wayar ta aika ɗan saƙo duk daƙiƙa 25 domin kada hanyar ta rufe.

Akwai dalilin da ya sa lambobin gidan a misalin suka fara da 192.168.50. Yawancin rautoci suna fitowa daga kamfani da 192.168.0 ko 192.168.1 ko 192.168.8, kuma ƙananan otal da ofisoshi ba su cika sauya su ba. Idan rumbun ajiya yana 192.168.1.20, otal ɗin ma yana amfani da jerin 192.168.1, wayar tana iya ɗauka cewa na'urar tana cikin otal ɗin, ta yi ta nema a can ba ta samu ba. Alamar wannan matsala ita ce VPN ta haɗu lafiya amma rumbun ya ƙi buɗuwa, sai kuma ya buɗe da zarar an koma kan datar waya. Sauya lambar jerin gida tun kafin tafiya aikin minti biyar ne.

Idan kuwa gwajin ya nuna ɗan kasuwar yana bayan shinge, kamar yadda ya fi yiwuwa ga mai rautar layin waya, hanyar da ta fi sauƙi ita ce manhaja irin Tailscale. A kan WireGuard aka gina ta, amma ba ta bukatar a buɗe ƙofa ko ɗaya. Rumbun ajiya da wayar kowanne yakan fita da kansa ya sanar da sabar kamfanin inda yake, sabar ta gabatar da su ga juna, daga nan su yi ƙoƙarin magana kai tsaye. Ana samun manhajar a shagon manhajoji na Synology da na QNAP. Zai saka ta a rumbun, ya saka ta a wayarsa, ya shiga da asusu ɗaya a duka biyun, sai rumbun ya bayyana a jerin na'urorinsa da wani sabon adireshi mai farawa da 100.

Wannan sauƙi yana da farashinsa. Na farko, amanar wa zai shiga ta koma kan asusun da aka yi rajista da shi, na Google ne ko Microsoft ko Apple. Duk wanda ya ƙwace asusun zai iya ƙara tasa na'urar, don haka dole a sa masa tantancewa mai mataki biyu. Gara a yi ta da manhajar da ke fitar da lamba a cikin waya, domin saƙon tes zuwa layin Najeriya ba koyaushe yake iske mutum a ƙasar waje ba. Na biyu, idan na'urorin biyu suka kasa haɗuwa kai tsaye, saƙon yakan bi ta wata sabar tsakiya. A lulluɓe yake wucewa, kamfanin ba ya iya karanta shi, amma gudun yakan ragu ƙwarai. A kwamfuta ana gane hakan da wannan umarni:

```
tailscale status
```

Idan layin rumbun ya nuna `direct`, haɗin kai tsaye ne. Idan ya nuna `relay`, ta sabar tsakiya ake bi. Na uku, izinin kowace na'ura yakan ƙare bayan kwana 180 sai an sake shiga. Ga rumbun da ke zaune a gida babu mai taɓa shi, ya kamata a zaɓi `Disable key expiry` a shafin sarrafawa, kada izinin ya ƙare mai shi yana wata ƙasa.

Gudu da wuta

Ko da komai ya haɗu, gudun da matafiyi zai samu ba ya wuce ƙarfin da intanet ɗin gida ke da shi na tura kaya waje. Kamfanoni sukan tallata gudun saukewa, alhali a wannan aiki gidan ne mai aikawa. Idan layin gidan yana tura megabit 5 a daƙiƙa, rasidi mai nauyin megabait 2 zai iso cikin kamar daƙiƙa uku, domin kowane bait ɗaya bit takwas ne. Bidiyo mai gigabait 2 kuwa megabit 16,000 ke nan, wanda zai ci daƙiƙa 3,200, kusan minti 53, kuma daga datar gida za a cire shi. Saboda haka manyan fayilolin da aka san za a bukata gara a kwafe su a tafi da su, a bar VPN ga takardun da bukatarsu ta taso a hanya. Haka nan a tabbatar kuɗin datar gidan zai kai ranar dawowa.

Abin da ya fi yawan yanke wa matafiyi hanya a ƙasar nan shi ne ɗaukewar wuta. Rumbu mai faifai biyu tare da rauta sukan ja kamar wat 30 a haɗe, wato wat-awa 720 a yini da dare, abin da inbata mai batir da sola ke iya ɗauka. Dole su biyun su kasance a kan inbatar, domin rumbu mai wuta ba shi da amfani idan rautar ta mutu. A cikin saitin wuta na rumbun akwai zaɓin da ke sa shi ya tashi da kansa idan wuta ta dawo bayan ta yanke. Idan ba a kunna shi ba, ɗaukewa ɗaya ta isa ta bar shi a kashe har sai an sami mai danna maɓalli. Yana da kyau a nuna wa wani na gida wannan maɓalli da kuma inda ake cire rauta a mayar.

Dokokin ƙasar da za a je

Ba kowace ƙasa ce ke barin irin wannan hanya ta wuce ba. Masu zuwa Guangzhou su san cewa China tana tace intanet ɗinta, tana kuma toshe VPN iri-iri, haka kuma shafukan Google ba sa buɗuwa a can, don haka mai shiga da asusun Google ya gama shigarsa tun yana gida. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa tana da doka mai tsauri kan amfani da VPN wajen aikata laifi ko ɓoye shi. Ya kamata matafiyi ya bincika dokar inda za shi, kuma takardun da ba zai iya yi ba tare da su ba ya riƙe kwafinsu a kwamfuta mai kulle. Wasu otal ma sukan toshe irin saƙon da WireGuard ke amfani da shi. Idan manhajar ba ta nuna `Latest handshake` na 'yan daƙiƙu ko mintuna da suka wuce ba, gaisuwar ba ta kai gida ba, sai a gwada da datar waya domin a gane ko otal ɗin ne ko gidan.

Ga ma'aikatan gwamnati akwai ƙarin magana. Ingancin VPN bai halatta kwashe fayilolin ofis zuwa rumbun gida ba. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora nauyi a kan masu riƙe da bayanan mutane, ga kuma ƙa'idojin aiki kan takardun sirri. Aikin ofis ya bi ta hanyar da ofis ya tanada.

Kafin a tafi filin jirgi

Aikin bai kammala ba sai an rufe tsofaffin ƙofofi. A koma shafin rauta a goge duk abin da ke ƙarƙashin `Port Forwarding` in ban da ƙofar WireGuard ga mai amfani da ita, a kashe `UPnP` a rauta da kuma a rumbun, a sabunta manhajarsa, a kashe asusun `admin` da ya zo da shi bayan an ƙirƙiri wani. Sannan a yi gwaji na gaskiya. A kashe haɗin wayar da rautar gida, a koma kan data. Da VPN a kunne ya kamata rumbun ya buɗe. Da ita a kashe, idan aka rubuta sunan gidan da lambar 5001 ko 8080, bai kamata komai ya fito ba. In shafin shiga ya bayyana, akwai sauran ƙofa a buɗe. Daga nan a cire wutar rauta da ta rumbun, a mayar, a jira minti biyar, a sake gwadawa ba tare da an taɓa komai ba.

Dalilin ba kowace na'ura mabuɗinta dabam yana bayyana ne ranar da waya ta ɓace a tasi ko a kasuwa. Daga kwamfutar da ta rage, mai ita zai goge mabuɗin wayar kaɗai, hanyarta ta mutu nan take, sauran su ci gaba da aiki. Sai dai VPN hanyar shiga take karewa, ba ta hana faifai mutuwa, ba ta hana gobara ko ɓarawon da ya shigo ta katanga. Faifai biyu masu kwafin juna a akwati ɗaya ma tare suke salwanta. Takardun da kasuwanci ya dogara a kansu suna bukatar kwafi na dabam a wani faifai da ake cirewa a ajiye a shago ko a gidan ɗan'uwa, ana sabunta shi kafin kowace tafiya.